Kafin ka yanke wa ƙanenka hukunci kan tiramol

Ɗana, ka ce ƙanenka ya sha rantsuwa zai bar tiramol amma yana komawa, har ka fara kiransa marar zuciya. Ka sassauta, in bayyana maka yadda ƙwayar nan take kama mutum.

Tiramol maganin ciwo ne, dangin kodin. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Ƙanenka ya fara da ƙwaya ɗaya don ya jure aikin gini, ta kuwa yi masa aiki, gajiya ta tafi. To amma ƙwaƙwalwa ba ta yarda a riƙa tura ta gefe guda. Idan ƙwayar tana zuwa kullum, sai ta rage jin ta, ta kuma ƙara ƙarfin abin da ke tayar da jiki don ta daidaita. Bayan 'yan makonni ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai ya koma mai 225 da ake sayarwa a ɓoye. Biyu daga cikinta sun riga sun haura iyakar yini guda. Wannan shi ne sabon jiki. Sai dai jiki yana sabawa da daɗin ne, haɗarin kuwa yana nan, shi ya sa za ka ga yaro ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Ranar da bai sha ba, wancan ƙarfin da ƙwaƙwalwa ta ƙara sai ya rasa mai danne shi. Cikin kwana guda za ka ga hamma ba iyaka, hawaye da majina, gumi, tsikar jiki na tashi, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa da gudawa. Da dare ƙafafunsa ba sa zama wuri ɗaya, barci ya ƙi zuwa, ga fargaba. Abin yakan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya lafa wajen mako guda. A wannan matakin ba daɗi yake nema ba, so yake ya tashi kamar kowa. Kada ku kulle shi a ɗaki ko ku sa masa mari. A asibiti ana rage ƙwayar sannu a hankali, a ba shi abin da zai tsayar da gudawa ya kuma samu barci.

Inda iyaye suka fi ruɗewa shi ne bayan nan. Jiki ya warware, yaro ya fara cin abinci, kowa ya ce an gama. Alhali ƙwaƙwalwa ta riga ta haɗa ƙwayar da wasu abubuwa: lungun da yake saye, abokin da suke sha tare, ranar biyan kuɗin aiki, har faɗa da mahaifiyarsa. Da ya ci karo da ɗayansu sai sha'awar ta taso masa, ko da ya yi watanni bai sha ba. Tana hawa ne ta sauka, galibi cikin rabin sa'a idan bai biye mata ba. Ka koya masa wannan. In ta taso ya bar wurin, ya yi alwala, ya kira ka. Kai kuma ka ɗauki waya ko tsakar dare ne, kuma ranar biya ka karɓi kuɗin ka ajiye masa idan ya amince.

Komawa ba ta faɗowa daga sama. Kafin ta zo za ka ga barcinsa ya lalace, ya daina zuwa ganin likita, ya fara cewa ai yanzu ɗaya ba za ta yi masa komai ba. Ga abin da nake so ka riƙe da kyau: wanda ya yi wata biyu bai sha ba, sabon jikinsa ya sauka. Idan ya haɗiye adadin da yake sha a da, zai iya kashe shi, musamman in ya haɗa da kodin, giya ko ƙwayar barci. In ka same shi ba ya farkawa, numfashi na ja da ƙyar yana munshari, leɓɓansa sun canza launi, kada ka ce barci yake. Ka kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara, a garzaya asibiti. Akwai allurar nalokson da ke taimakawa wajen dawo da numfashi.

Idan ya zame ya sha, ka sa ya san zai iya faɗa maka a ranar ba tare da an tara masa jama'a ba, domin wanda ke jin tsoron gori ɓoyewa yake yi har abin ya yi nisa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri duk suna duba irin wannan. Ka kama hannunsa ku tafi cikin makon nan, ɗana. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ka haƙurin jinyarsa.