Amsoshin Tambayoyinku: Ajandar Takardar Gayyata

Wani sakataren ƙungiyar manoma daga garin Roni, jihar Jigawa, ya aiko yana cewa: "Me zan sa a ajandar takardar gayyatar taro, kuma sai na zurfafa bayani?"

To malam sakatare, mun gode. Ka fara da rana, lokaci da wurin taro. Sai batutuwa, kada su wuce uku ko huɗu, kowanne a layi guda tare da mai gabatar da shi. Amma kada ka rubuta "batun taki" kawai. Rubuta "yanke shawara kan kuɗin da kowa zai bayar don sayen taki kafin damina." Da haka wanda aka gayyata zai san ya taho da kuɗi, ko ya fara tuntuɓar waɗanda yake wakilta. Dogon lissafin kuɗi kuwa, a haɗa shi a takarda daban. Layi guda, malam sakatare, amma layin ya faɗi abin da za a yanke.