Filin Shawarwari: Zazzaɓin da Yake Tafiya Yana Komowa

Zuwa ga Malam Likita,

Ni mazauniyar Daurawa ce, kuma ina da 'ya mai shekara huɗu wadda al'amarinta ya hana ni barci. Tun tsakiyar watan Agusta zazzaɓi ya kama ta ranar wata Litinin da la'asar, ta yi ta rawar ɗari har haƙoranta na haɗuwa, daga nan jiki ya ɗau zafi, cikin dare kuma zufa ta karyo mata. Talata ta wuni tana wasa, Laraba da la'asar abin ya dawo. Na sayo magani a kemis na ba ta kwana biyu, da na ga ta warware sai na ajiye sauran. Bayan mako biyu ciwon ya komo, yanzu ga tafin hannunta ya ɗashe, ko tsakar gida ta ƙetare sai haki. An auna jininta an ce PCV 24 ne. Surukata ta ce ciwon da yake kiyaye sa'a ba na asibiti ba ne, iska ce. Don Allah ina jinin yarinyar nan yake tafiya, alhali ba ta ji rauni ba?

Taka mai biyayya,
Wata uwa daga Daurawa

Malama,

Allah ya ba yarinya lafiya. Surukarki ta lura da abin da yake hakika, domin ciwon yana kiyaye sa'a, sai dai sababinsa yana cikin jinin yarinyar, kuma wannan sababi shi ne amsar tambayarki.

Alamun da kika bayyana sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro. Idan macen sauro mai ɗauke da cutar ta ciji mutum, ƙwayoyin cutar da take zubawa hanta suke fara nufa, su zauna kimanin mako guda suna hayayyafa ba tare da wata alama ba, har ƙwaya ɗaya ta zama dubbai, sa'an nan su kwararo cikin jini. A nan kowace takan kutsa cikin jan ƙwayar jini guda, ta rufe kanta a ciki kamar yadda ƙwaro yake zama cikin wake yana cinsa alhali daga waje ba a ga kome ba, abincinta kuwa shi ne hemogulobin, wato sinadarin nan mai launin ja da yake ɗaukar iskar numfashi zuwa gaɓoɓi. Irin da ya fi yawa a ƙasar Kano, wanda likitoci suke kira falsifarum, yakan ɗauki sa'a 48 kafin ya cinye galibin abin da ke ciki, ya rarrabu zuwa 'ya'ya goma sha shida ko fiye, ya fasa ƙwayar jinin, kowane ɗa ya nemi sabon gida. Wani likitan soja na Faransa, Laveran, shi ya fara ganin halittar nan cikin jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, kuma a 1886 Golgi na Italiya ya bayyana cewa tashin zazzaɓi yana dacewa da lokacin fashewar.

To, da yake ƙwayoyin sukan girma tare su fashe tare, a sa'a guda ake zubar da dattinsu cikin jini, garkuwar jiki ta yunƙura, ƙwaƙwalwa ta ɗaga ma'aunin zafin da take son jiki ya kai. Rawar ɗarin da kika gani ranar Litinin ƙoƙarin jiki ne na kai wa ga wannan ma'auni, zufar dare kuma saukowarsa ce. Ranar Talata da yarinya take wasa, cutar tana ɓoye cikin sababbin ƙwayoyin jini tana ci, kuma a ƙarshen zagayen ƙwayoyin da ta shiga sukan manne a bangon ƙananan jijiyoyi domin kada saifa ta tace su. Amma kada ki riƙi wannan tsallaken kwana a matsayin sharaɗi, gama sau da yawa falsifarum yakan kasu rukuni biyu ko fiye da ba sa fashewa tare, sai zazzaɓi ya zama na kullum ko marar ƙa'ida, kuma hatsarinsa bai ragu ba.

Game da jini, asara uku ce take haɗuwa. Ta fari ita ce ƙwayoyin da cutar ta fasa, kuma abin mamaki ita ce mafi ƙanƙanta. Ta biyu ta fi girma: a lokacin ciwon hatta ƙwayoyin da cutar ba ta shiga ba sukan ƙage su rasa laushinsu, saifa kuwa, wadda aikinta shi ne fitar da duk wadda ta tsufa ko ta lalace, sai ta haɗa da su, har masana suka ƙiyasta cewa a madadin kowace ƙwaya mai cuta ana rasa kusan takwas zuwa goma masu lafiya, shi ya sa saifar yaro mai yawan zazzaɓi take kumbura a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ta uku ita ce ɓargo, inda ake ƙera sabon jini, yakan yi sanyi da aikinsa muddin cutar tana nan. Jan ƙwayar jini da aka halitta ta rayu kwana 120 sai ta mutu tun da wuri, ba a kuwa mayar da gurbinta. PCV 24 na nufin kashi 24 cikin ɗari na jinin 'yarki ne jajayen ƙwayoyi, alhali ya kamata mai shekarunta ta kai 33 ko fiye, wato ta rasa wajen rubu'insu. Idan ya sauka ƙasa da 15, an shiga haddin da ake yin ƙarin jini cikin gaggawa.

Ina faɗa miki abin da zai biyo ba don zargi ba, don kuwa iyaye da yawa haka suke yi. Maganin atemita da lumefantirin, wanda ake bayarwa a ƙasar nan, ana shansa sau shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan sa'a takwas da na fari, sauran safe da dare, tare da madara ko abinci mai maiƙo domin hanji ya tsotse shi. Hikimar kwana ukun ita ce maganin ya riski zagaye biyu na cutar. Da kika tsaya a kwana biyu, 'yan ƙalilan sun tsira, waɗanda ba su isa su ta da zazzaɓi ba; amma tun da sukan ninka kansu wajen sau goma a kowane zagaye, dubu ɗaya takan zama miliyan cikin kwana shida, miliyan kuma ta zama biliyan cikin wasu shidan, ga mako biyunki nan. Mai yiwuwa kuma sabon cizo ne, domin damina ce, kwatocin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba sa rabo da ruwa kwance.

Ki kai ta asibiti yau, ki faɗi sunan maganin da adadin da ta sha, ki roƙa a duba jinin a madubin likita, domin gwajin nan na tsinke yakan ci gaba da nuna cuta har makonni bayan an warke. A sake auna PCV, a kuma duba ko tana da sikila. Maganin ƙarin jini, da hanta da wake da zogale, suna da amfani bayan an kashe cutar, amma ba sa cike abin da ake ci gaba da zubarwa, kuma jinin yakan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin ya koma yadda yake. Idan kika ga numfashinta ya yi sauri da zurfi, ko ta kasa zama, ko ta ƙi shan kome, ko jijjiga, ko fitsari ya yi baƙi, ko ido ya yi ruwan ɗorawa, to kada ki jira wayewar gari. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya kusa da ku, sashen gaggawa na yara kuma a buɗe yake dare da rana. Ki gaishe da surukarki, ki roƙe ta ta raka ku, a yi addu'a a hanya.