Jinin Dasashi da Jinyar Haƙori ga Mai Juna Biyu

A Farfaru da sauran garuruwan ƙasar Jibiya, idan mai ciki ta yi asuwaki ta tofar da yawu ta ga jini, amsar da aka fi ba ta ita ce ai laulayi ne, ta bar taɓa wurin, in ta sauka zai wuce. Idan kuma haƙori ne ya matsa mata, sai a ce ba a cire wa mai ciki haƙori, ta yi haƙuri. Wannan takarda ta tsaya a kan cewa shawarwarin nan biyu, ko da yake tausayi ne ya kawo su, su ne suke jawo asarar haƙoran da ake ɗora wa ciki laifinta.

Ya kamata a fara sanin daga inda jinin yake fitowa. Kullum akwai wani datti mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi, cike da ƙwayoyin cuta. Kowa yana da shi. Abin da ciki ke sauyawa shi ne yadda dasashi ke karɓar wannan datti, domin sinadaran da jiki ke ƙara fitarwa don riƙe ciki suna sa jini ya yawaita a dasashi, ya yi laushi, ya kumbura da ɗan abin da da can ba zai dame shi ba. Yawanci abin yana somawa wajen wata na 2 ko na 3, ya fi tsanani wajen wata na 8, ya lafa bayan haihuwa. Lafiyayyen dasashi a ɗame yake, yana manne da haƙori. Wanda ya kamu kuwa za a ga bakinsa ya yi ja yana sheƙi, naman da ke tsakanin haƙora ya tasa ya yi suntum, da an taɓa sai jini. To, tun da dattin ne tushen kumburin, wadda ta daina goge wurin don tsoron jini ta bar wa cutar abincinta ne. Maganin shi ne a ci gaba da gogewa sau 2 a rana, safe da kuma kafin barci, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, a karkata bakin buroshin zuwa gindin haƙori, a bi a hankali har minti 2. Mai asuwaki ta tauna bakinsa ya yi laushi sosai, ta riƙa yanke tsohon, ta kuma kai shi bayan turame, inda aka fi mantawa. Gawayi da toka da gishiri tsagwaronsa kankare haƙori suke yi, su yi wa dasashi rauni. Idan aka dage, jinin yakan ragu cikin mako 1 zuwa 2. Idan bai ragu ba, galibi dattin ya riga ya daskare ya zama tsatsa mai tauri, wadda babu buroshin da ke cire ta sai an kankare a asibiti.

Wani zai ce, ai mun ga mata da yawa da kowace haihuwa sai ta tafi da haƙori guda, ashe ba jariri ne ke tsotse ƙarfin haƙorin uwa ba? Asarar gaskiya ce, amma ba haka take faruwa ba. Sinadarin da jariri ke gina ƙashi da shi daga abincin uwa yake zuwa, in bai isa ba jiki ya ɗebo daga ƙashinta, ba ya ɗebowa daga haƙori. Abin da ke cin haƙorin mai ciki a bakinta yake. Amai na kawo ruwan tsami daga ciki wanda ke tausasa fatar haƙori, ga kwaɗayin tsamiya da alewa da lemon kwalba ana ɗan tsotsa wuni guda, ga tashin zuciya da ke hana sa buroshi a baki. Don haka bayan amai a kuskure baki da ruwa mai tsabta, a jira kamar rabin sa'a kafin a goge, domin gogewa nan take tana tafiya da fatar da tsami ya tausasa.

Sai babbar magana, wato zuwa wurin likitan haƙori. A ɗauki misalin mace mai cikin wata 5, turminta na ƙasa ya yi kogo, da farko yana tsami in ta sha ruwan randa, yanzu kuma yana hana ta barci. Idan ta je asibiti, a Jibiya ko a tura ta Katsina, abu na farko shi ne ta faɗi watannin cikinta, ta nuna katin awonta, ta kuma faɗi in tana da hawan jini ko ciwon suga. Likita zai duba, in da bukata ya ɗauki hoton haƙorin, wanda haskensa ƙanƙane ne ƙwarai kuma ga muƙamuƙi aka saita shi. Zai yi mata allurar kashe zafi a dasashi, irin su lidoken, wadda aikinta a nan wurin yake tsayawa, ba ta sa barci. Daga nan ko ciko, ko cirewa in haƙorin ya lalace. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta bayyana a 2013 cewa wankin haƙori da hoto da allurar kashe zafi da ciko da cirewa ba su da haɗari ga mai ciki. Kafin nan, wani bincike da aka buga a 2006 kan mata 823 a can Amurka ya nuna kankare tsatsar haƙori lokacin ciki bai ƙara ɓari ko wata illa ba. Adalci ne a faɗi cewa binciken bai nuna jinyar ta rage haihuwar bakwaini ba, saboda haka kada a yi wa kowa wannan alkawari. Wata na 4 zuwa na 6 ya fi daɗin aiki, don laulayi ya sauka kuma ciki bai yi nauyi ba, amma ciwo mai tsanani ba ya jiran wata. Mai tsohon ciki dai kada a kwantar da ita rigingine na tsawon lokaci, a sa mata matashi ƙarƙashin ƙugun dama ta karkata hagu, don kada nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar jini ta ji jiri.

Yanzu a auna da abin da ake kira haƙuri. Wadda aka hana zuwa asibiti ba zama take yi hannu rabbana ba. Za a aika yaro kemis ko wurin masu tallar magani ranar kasuwa, kuma a gari na bakin iyaka magani ba ya wuya, daga wannan ɓangare da na Maraɗi. Abin da aka fi miƙowa mai ciwon haƙori shi ne ibufurofen ko dikulofenak, waɗanda ake guje wa daga tsakiyar ciki, musamman watanni 3 na ƙarshe, don suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi da wata jijiyar zuciyarsa. Ko kuma kafson tetirasaikilin, wanda ke rina haƙoran jariri tun yana ciki. Farasitamol ya fi aminci, amosilin ma likita na iya rubutawa, amma dukansu ba sa toshe kogo. Ciwon yana nan yana cin gaba har mugunya ta taru a saiwar haƙori, uwa ta kasa tauna abinci a lokacin da take ci domin mutum biyu. Maigidan da ke lissafin kuɗin mota zuwa Katsina ya sa wannan a ma'auni.

Akwai ɗan tsiro ja da kan fito wa wasu mata a tsakanin haƙora, mai saurin zubar da jini. Ba daji ba ne, yawanci yakan motse bayan haihuwa, amma a nuna wa likita, kada a bari wanzami ya yanke. Abin da ba a kwana da shi kuwa shi ne kumburin kunci ko ƙarƙashin haɓa, da zazzaɓi, da kasa buɗe baki ko haɗiye yawu, domin mugunyar turmin ƙasa na iya bin wuya ta toshe numfashi. Haka kuma jinin dasashi da ke zuba ba a taɓa ba, tare da haɓo ko tabon jini a fata, wannan ya wuce maganar haƙori, gwajin jini yake bukata a ranar.