Yadda Ake Tsara Jadawalin Sabis na Injuna Wanda Ke Nuna Wa'adin da Ya Wuce

Wanda ke riƙe da amanar injuna, ko a masana'antar casar shinkafa ko a gidan niƙa, ya san cewa wa'adin sabis iri biyu ne, wato na kwanaki da na sa'o'in aiki, kuma wanda ya riga cika daga cikinsu shi ne abin bi. Galibin jadawalin da mutane ke yi a Excel kwanan wata kaɗai yake lura da shi, alhali janaretan da ke kwana yana aiki yakan cinye wa'adin baƙin mansa tun wata bai ƙare ba. Saboda haka jadawalin da za mu tsara a nan zai riƙa duban ma'auni biyun tare, ya shafa ja a kan duk layin da ɗayansu ya ƙetare haddi.

Da farko a buɗe sabon shafi, a rubuta kanun ginshiƙai tara a layi na ɗaya: A sunan inji, B aikin da za a yi masa, C ranar sabis na ƙarshe, D tazarar kwanaki, E ranar sabis mai zuwa, F adadin da mitar sa'o'i ta nuna ranar sabis, G tazarar sa'o'i, H adadin da take nunawa yanzu, I sa'o'in da suka rage. Wajibi ne kowane aiki ya sami layinsa, domin juyen mai dabam yake da canjin filtar iska, kuma dabam yake da sa giris; idan aka gwama su a layi guda, ba za a san wanne ne ya makara ba. Amma tazara, daga littafin kamfanin da ya ƙera injin ake ɗaukar ta, sa'an nan a rage ta gwargwadon hali, musamman ta filtar iska a lokacin hunturu ko a wurin da ƙurar dusa ta yi yawa.

Ginshiƙai biyu ne kawai ke ɗauke da lissafi. A gidan E2 a rubuta ƙa'ida ta farko, a gidan I2 ta biyu, sa'an nan a ja su ƙasa har ƙarshen layukan da aka cike:

```
=C2+D2
=IF(G2="","",F2+G2-H2)
```

Hikimar ta biyu ita ce, injin da ba shi da mita, kamar ƙaramin injin niƙa, a bar masa G babu kome, sai kwanaki kaɗai su yi masa hukunci.

Yanzu sai launi, wanda shi ne maƙasudin aikin. A zaɓi daga A2 zuwa I200, a tabbata daga A2 aka fara ja, a shiga `Home`, sai `Conditional Formatting`, sai `New Rule`, a zaɓi `Use a formula to determine which cells to format`, a rubuta wannan sharaɗi, sa'an nan a danna `Format`, a zaɓi ja a ƙarƙashin `Fill`:

```
=AND($A2<>"",OR($E2<TODAY(),$I2<=0))
```

Ma'anarsa ita ce: muddin akwai sunan inji a layin, kuma ranar sabis ta wuce ko sa'o'i sun ƙare, to a shafa ja. Alamar `$` da ke gaban harafi ita ke ɗaure sharaɗin ga ginshiƙinsa domin layin ya rinu baki ɗaya. Ba a sa ta gaban lambar 2, domin idan aka yi haka duk layuka za su bi hukuncin inji na farko. Kashin farko kuwa, mai duban A, shi ke hana layukan da ba a cike ba su koma ja, tun da Excel yana ɗaukar gidan da babu kome a matsayin sifiri.

Ja kaɗai bai wadatar ba, domin labarin abin da ya riga ya wuce yake bayarwa, alhali mai kula da injuna yana bukatar lokacin da zai sayi mai da filta, ya kuma kira makanike. Don haka a maimaita matakan nan da launin rawaya:

```
=AND($A2<>"",OR($E2<=TODAY()+14,$I2<=40))
```

A nan akwai wurin tuntuɓe. Duk layin da ya cancanci ja ya cancanci rawaya ma, kuma Excel yakan ɗora sabon sharaɗi a saman tsohon, na sama kuwa shi ke rinjaye. Idan ba a shiga `Manage Rules` an mayar da ja sama ba, injin da ya makara da wata biyu zai zauna cikin rawaya kamar akwai sauran lokaci.

A ƙaddara janareta mai shan gas wanda littafinsa ya ce a juye mai bayan sa'o'i 250 ko kwana 180. An yi masa juye ranar 3 ga Maris, 2025, mita tana kan 1,200, don haka E za ta nuna 30 ga Agusta. To amma lokacin zafi ne, wuta ba ta tsayawa, yana aiki wajen sa'a 10 kullum. Ranar 24 ga Maris an karanta mita 1,410, saura 40, layin ya koma rawaya. Ranar 31 ga wata ta kai 1,470, ginshiƙin I ya nuna -20, layin ya yi ja, alhali bisa kalanda akwai sauran wata biyar. Daga nan ne kuma iyakar jadawalin ke bayyana: `TODAY()` yana tafiya da kansa bisa agogon kwamfuta, amma H ba ya motsi sai mutum ya je ya karanta mita. Ra'ayina shi ne a ɗora wannan a wuyan mutum ɗaya sananne, a rana ɗaya sananniya, misali kowace Litinin da safe, domin aikin da aka bar wa kowa ba mai yin sa.

Sauran abin da ya fi ban tsoro shi ne kwanan wata da ya shiga a matsayin rubutu. Kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka wata take fara karantawa kafin rana: idan aka rubuta 03/04/2025 da nufin 3 ga Afrilu, za ta fahimci 4 ga Maris, idan kuwa 25/03/2025 ne, ba ta san wata na 25 ba, sai ta ajiye shi rubutu, E ta nuna `#VALUE!`, kuma layin ba zai taɓa yin launi ba, ko da sa'o'insa sun ƙare. Alamarsa ita ce, kwanan wata na gaskiya yana jingina da daman gida, rubutu kuwa da hagu, kuma `=ISNUMBER(C2)` zai raba gardama. Maganinsa a rubuta wata da haruffa, kamar `3-Mar-2025`, ko a danna `Ctrl` tare da `;` domin shigar da ranar yau. Kada a kuskura a sa `TODAY()` a ginshiƙin C, domin kullum zai riƙa nuna cewa yau aka yi sabis. 'Yan'uwanmu na Nijar masu Excel na Faransanci za su rubuta `ET`, `OU`, `SI` da `AUJOURDHUI()`, su raba sassan ƙa'ida da `;` maimakon waƙafi.

Idan an sayo inji na hannu wanda ba a san ranar sabis ɗinsa ba, a bar C babu kome. E za ta nuna wata rana a shekarar 1900, layin ya yi ja nan take, kuma hukuncin da ya dace da shi ke nan har sai an yi masa sabis. Bayan kowane sabis kuwa, gida uku ake sauyawa, wato C da F da H, kuma ya kyautu a kwafe tsohon bayanin zuwa wani shafi na tarihi kafin a rubuta sabo a kansa, tare da irin man da aka zuba da sunan makaniken da ya yi aikin.