Wa Ke Tsakurar Kuɗinka a Banki?

Jama'a, idan aka kwashi naira dubu hamsin daga asusun mutum, kafin azahar ya isa banki. Amma idan ɗari tara ce ake cira kowane wata, sai a shekara ana cira yana cewa "cajin banki ne". Sau da yawa kuwa bankin bai ci ko kwabo a ciki ba, wani kamfani ne can daban. Ga yadda ake gano shi.

Da farko ka nemi takardar bayanin asusunka, wadda ma'aikatan banki ke kira sitatimen, ta wata uku ko shida. Saƙon alat ba ya wadatarwa, domin yakan guntule bayani, kuma sunan da kake nema sau da yawa yana cikin abin da aka guntule. Manhajar banki, da ta OPay, PalmPay da Moniepoint, duk suna fitar da takardar. Wanda ba shi da babbar waya ya je reshen bankinsa a Kakuri ko Barnawa a buga masa, amma ya sani akan biya kuɗin kowane shafi.

Sai ka ware abin da ke na banki da na gwamnati, don kada ka zargi wanda bai ci ba. Jadawalin Babban Bankin Nijeriya na 2020 ya sa kuɗin tura kuɗi zuwa wani banki naira 10, 25 ko 50, gwargwadon yawan abin da aka tura. Da harajin kashi 7.5 cikin ɗari sai su zama 10.75, 26.88 da 53.75. Naira 50 da ke bin cinikin dubu goma ko fiye ta gwamnati ce. Duk waɗannan suna tafiya da wani abu da kai ka yi. Wanda ya kamata ka sa wa ido shi ne adadi guda da ke dawowa a rana guda ta wata, ko ka taɓa asusun ko ba ka taɓa ba.

A ce wani tela a unguwar Television ya ga ana cire masa naira 900 ranar 14 ga kowane wata. A layin da aka rubuta bayani ya ga WEB, sannan GOOGLE * da wani guntun suna. Kalmar WEB na nuna da lambar katinsa aka biya ta intanet, ba a wurin mai POS ba, ba kuma tura kuɗi aka yi ba. Abin da ke bayan tauraron nan shi ne sunan abin da ake biya wa. Ya koma baya har watan da cajin ya fara bayyana, ya tambayi kansa: wa ya riƙe katina a lokacin? Nan ya tuna ɗansa ya karɓa don buɗe wata manhaja mai gwajin kyauta. Gwajin ya ƙare, biya ya fara, domin katin da aka shigar sau ɗaya ba a sake tambayar lambar sirrinsa. A wayar yaron zai buɗe Play Store, ya shiga Payments & subscriptions, ya soke. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cajin, nan ne mutane da yawa ke yin kuskure.

Inda abin ya fi wuya shi ne ka ga Paystack, Flutterwave, Interswitch ko Remita kawai. Waɗannan dillalai ne, suna karɓa a madadin dubban kamfanoni, kamar yadda ɗan kamisho ke karɓar kuɗin mota a tashar Sabon Tasha alhali motar ta wani ce. Don haka ka kwafi lambar shaida da ke jikin cajin, da ranar, da adadin, ka kai wa bankinka ka ce su faɗa maka sunan kamfanin da kuɗin ya je hannunsa. Ka duba imel ɗinka ma, ka nemi wannan adadi, galibi rasit na nan kwance. Wanda ya taɓa cin bashi ta manhajar waya ya fara tuhumar wannan, domin masu ba da irin bashin nan sukan riƙe izinin cira kai tsaye daga asusu.

Bambancin cira da kati da cira kai tsaye daga asusu yana da amfani. Idan da kati ake cira, rufe katin da karɓar sabo yakan yanke shi. Idan kuwa izinin cira ne aka ɗaura wa asusun kansa, sabon kati ba ya magani, sai ka rubuta wa banki a soke izinin.

Idan ka tabbata ba kai ba ne, ba kuma wani na gidanka ba, ka rufe katin nan take, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Kuma duk wanda ya bugo waya ya ce zai mayar maka da kuɗin in ka karanta masa lambar katinka ko lambar da aka turo maka, kashe wayar, ɓarawo ne.