Yadda ake adana takardun hukuma a PDF/A

Duk mai buga takardu a shagunan kwamfuta na Gyadi-Gyadi, ko sakataren wata ƙungiya a Tarauni, ya san PDF. Sai dai PDF na yau da kullum yakan jingina da kwamfutar da aka yi shi a kanta, ranar da aka buɗe shi a wata na'urar sai rubutu ya sauya kama. Domin maganin wannan ne hukumar ISO ta fitar da PDF/A a 2005 da lambar ISO 19005-1, sannan PDF/A-2 ya biyo baya a 2011. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk abin da takarda take bukata don ta karantu, ya zama yana cikin fayil ɗin.

Bari mu ɗauki yarjejeniyar cinikin fili mai shafi uku da aka rubuta da Hausa, wadda jikokin mai saye za su iya nema bayan shekara arba'in.

Mataki na 1: Duba haruffa. An buga takardun Hausa da yawa a Kano da tsofaffin samfuran haruffa irin su Rabi'at, waɗanda suka ɗora ƙ da ɗ a kan wasu alamomin daban. Shi ya sa idan samfurin ya ɓace sai ka ga "}asa" a maimakon "ƙasa". PDF/A yana cusa samfurin a cikin fayil, don haka ido zai ga daidai, amma mai neman kalmar "ƙasa" da kwamfuta ba zai same ta ba. Ka sake buga waɗannan baƙaƙen da Unicode tun kafin ka fitar da fayil.

Mataki na 2: Cire abin da aka haramta. PDF/A bai yarda da kulle fayil da kalmar sirri ba, domin mai riƙe da ita yana iya rasuwa ko ya bar aiki, takarda ta kullu ke nan. Bai yarda da sauti ko bidiyo ko JavaScript ba, saboda kowannensu yana bukatar wata manhaja da ƙila babu ita gobe. Haka kuma hoton da ake janyowa daga waje: idan taswirar filin tana wani fayil daban, ka shigo da ita cikin takardar kanta. PDF/A-1 ya fi tsauri, ya hana liƙa wani fayil a ciki, ya kuma hana hoto mai shara-shara wanda ake hango rubutu ta bayansa, kamar tambarin da ake shimfiɗawa a tsakiyar shafi. PDF/A-2 ya halatta irin wannan hoton, shi ya sa ya fi dacewa da takarda mai tambari.

Mataki na 3: Fitar da fayil. A LibreOffice, shiga File, sai Export As, sai Export as PDF. Ka yi alama a akwatin da ke ɗauke da "PDF/A, ISO 19005", ka zaɓi PDF/A-2b. A Word kuwa, wajen Save As ka zaɓi PDF, ka danna Options, ka yi alama a "PDF/A compliant". Kada ka bi ta hanyar Print, don ba lallai ta ba ka PDF/A ba.

Idan yarjejeniyar ta riga ta sha sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa, takardar ce za ka ɗauka da sikana, a 300 dpi kuma mai launi, domin tawadar hatimi ta fito. Daga nan manhajar OCRmyPDF za ta juya ta:

```
ocrmypdf --output-type pdfa-2 fili.pdf fili_ajiya.pdf
```

Mataki na 4: Tantance. Shuɗin layin da Acrobat Reader yake nunawa a sama cewa fayil ɗin PDF/A ne, iƙirarin fayil ɗin ne kawai, ba shaida ba. Shiga Properties, sai Fonts, ka tabbata kowane samfuri yana da "Embedded" ko "Embedded Subset" a gabansa. Sannan ka gwada shi da veraPDF, wadda kyauta ce:

```
verapdf --format text fili_ajiya.pdf
```

Idan ka ga PASS, aiki ya yi kyau. Idan FAIL ne, galibi wani samfurin haruffa ne bai shiga ba, watakila mai shi ya hana a cusa shi. Koma asalin takardar, ka sauya samfurin, ka sake fitarwa.

Mataki na 5: Ajiye, kada ka sake taɓawa. Ƙara shafi ko matse fayil don ya yi sauƙin turawa yana iya rushe ƙa'idar, don haka duk gyara a kan asalin takarda ake yinsa. Sa masa suna mai kwanan wata, kamar 2024-03-15_yarjejeniyar_fili.pdf, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, domin PDF/A ba ya hana filasha lalacewa. Tunda ba a kulle shi, sirrin takardar yana kan wanda aka bari ya isa wurin ajiyar. Asalin takardar mai sa hannu kuwa, ta ci gaba da zama a ma'ajiyarta.