Kafin ku ɗebi samfur, ku duba rajista

'Ya'yana matasan Rafin Guza, musamman ku da kuke manyan makarantu kuna rubuta kundin kammala karatu, ina da 'yar nasiha gare ku. Na daɗe da alli a hannu kafin in ajiye aiki, kuma har yau wasunku kan kawo mini takardunsu in duba. Kuskure guda nake yawan gani: yaro ya tambayi ɗalibai 50, sai ya rubuta cewa “yaran Rafin Guza kaza ne”. Abubuwa uku ne ya cakuɗa, ni kuwa da rajistar makaranta zan raba muku su.

Na farko shi ne al'ummar bincike, wato dukkan waɗanda tambayarku ta shafa. Na biyu shi ne jerin da za ku zaɓa daga cikinsa, abin da kuke iya riƙewa a hannu ku ƙirga. Na uku shi ne samfur, 'yan kaɗan ɗin da kuka ɗebo daga jerin kuka tambaya. Wanda ya taɓa sayen masara a Kasuwar Kawo ya san wannan. Masarar da ke cikin shago duka ita ce al'umma, buhunan da aka fito da su bakin ƙofa su ne jerin, abin da ya ɗebo a tafin hannu kuma shi ne samfur. In akwai buhu mai ƙwari a can ƙurya, tafin hannunsa ba zai taɓa gaya masa ba.

Mu ƙaddara kuna son sanin yara nawa ke zuwa wata firamare ta unguwar nan ba su karya kumallo ba. Al'ummarku ita ce duk yaron da ke karatu a makarantar a wannan zango. Kun gaida hedimasta, ya ba ku rajista, kun haɗa ta aji-aji kun sami sunaye 600. Wannan shi ne jerinku. Kada ku ɗauka shi ne al'ummar. Wataƙila yara 50 iyayensu sun tashi zuwa Rigasa ko Mararrabar Jos, ba a soke sunayensu ba. Wataƙila kuma akwai 70 da suka shigo bayan an rubuta rajista, suna zaune a aji kullum amma babu su a littafi. Ku cire 50 daga 600, ku ƙara 70, za ku ga yaran gaskiya 620 ne, kuma 550 kaɗai daga cikinsu rajista ta sani.

Yanzu sai ɗiba. Kuna son yara 60, to ku raba 600 gida 60, ya ba ku 10. Ku rubuta lamba 1 zuwa 10 a 'yan takardu, ku naɗe, ku sa wani ya zaro ɗaya. In 7 ta fito, sai ku ɗauki suna na 7, na 17, na 27, haka har na 597. Kada ku bari malamin aji ya zaɓar muku, domin ko da kyakkyawar niyya, hannunsa zai tafi ga masu tsabta da iya magana. Kada kuma ku tsaya bakin ƙofa ku tare waɗanda suka fara isowa, tunda mai zuwa da wuri da mai makara ba lallai halin gidajensu ya zama ɗaya ba.

Ranar tambaya kun kira sunaye 60. Biyar an ce sun bar makarantar, biyar ba su zo ba, kun sami 50. A cikinsu 15 sun ce ba su ci komai ba, wato kashi 30 cikin ɗari. A nan nake so ku natsu, domin kuskure iri biyu ne ke jiran ku, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko kuskuren ɗiba ne. Da takardar da aka zaro 3 ce maimakon 7, da wasu yaran daban kuka samu, amsar ta ɗan canza. Da samfur na yara 50, gaskiyar na iya ɗara 30 ɗin nan ko ta gaza ta da wajen 12. Wannan yana da magani, sai dai da tsada: kafin ku rage tazarar da rabi, sai kun ninka samfur kusan sau huɗu.

Na biyu kuskuren jeri ne, shi kuwa yawan samfur ba ya warkar da shi. Ko duk sunayen rajista kuka bi ɗaya bayan ɗaya, yaran nan 70 ba za su shigo ba. In kuwa 'ya'yan baƙi ne da ba su gama zama da gindinsu ba, mai yiwuwa su ne yunwa ta fi damu. A Amurka, a 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, ta ɗebo sunaye daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci. Fiye da miliyan biyu suka amsa, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Jerin ya karkata ga masu hali, kuma waɗanda suka ga damar amsawa ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba. Don haka yaran nan biyar da ba su zo ba, ku koma gobe ku neme su, kada ku cike gurbinsu da na kusa.

Yaya za ku gane lafiyar rajista? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kafin ku zaɓi ko mutum ɗaya, ku gwada ta ta fuska biyu. Ku kira suna a aji guda ku ga sunaye nawa ne babu masu su, ko aka rubuta sau biyu. Sannan ku juya, ku bi yaran da ke zaune, kowa ku nemi sunansa a littafi. Gwajin farko zai nuna muku rarar da ke cikin jeri, na biyu zai nuna giɓinsa. Ku gyara, ku sake ba sunayen lamba, sannan ku ɗiba.

Abu na ƙarshe, ku san iyakar bakinku. Rajistar firamare ɗaya ba ta san almajirin tsangaya ba, ba ta san yarinyar da ke talla da safe ba, ko yaron da ke taya babansa ban ruwa a lambun bakin kogin Kaduna, balle ɗaliban makarantun kuɗi. In yaran unguwa duka kuke nufi, jerin gidaje kuke bukata, layi-layi, ku bi ta wurin mai unguwa. Ko manyan binciken ƙasa haka suke yi: sukan zaɓi ƙananan yankunan ƙidaya na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, su je su sake jera gidajen da ke ciki kafin su ɗiba, domin gari yana canzawa, ga shi rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006.

Saboda haka, 'ya'yana, a shafin da za ku bayyana hanyar bincikenku, ku rubuta amsar tambayoyi uku a fili: su wa nake magana a kansu, daga wane jeri na zaɓa kuma na wane zango ne, sannan mutum nawa na zaɓa, nawa suka amsa. In rajistar makaranta ɗaya kuka riƙe, ku ce ɗaliban makarantar, kada ku ce yaran Rafin Guza. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku gama lafiya.